Darasi na Shida: Koyar da Ƙirga daga Ɗaya zuwa Ashirin ta Hanyar Waƙa da Motsa Jiki

Yaro ɗan shekara 4 yana iya rera lambobi daga ɗaya har zuwa ashirin ba tare da ya yi tuntuɓe ba, amma idan aka zuba masa murafun kwalba guda 7 aka ce ya ƙirga, sai ya ce 11 ne. Wannan yaron ya haddace sunayen lambobi ne kamar yadda yake haddace kowace waƙar wasa, bai kai ga sanin ƙirga ba tukuna. Ƙirga na gaskiya shi ne a faɗi suna ɗaya ga abu ɗaya, ba a tsallake wani ba, ba a maimaita wani ba, sannan a gane cewa lambar da aka faɗa a ƙarshe ita ce yawan abubuwan gaba ɗaya. Aikin motsi a cikin waƙa shi ne ya riƙe bakin yaro kada ya riga hannunsa, saboda haka ƙa'idar da malama ko uwa za ta riƙe a wannan darasi ita ce: lamba ɗaya, motsi ɗaya.

Dalilin da ya sa ba a farawa da tafi

Idan mai karatu ya furta lambobin Hausa a hankali, zai lura cewa daga ɗaya zuwa goma kowace lamba gaɓa biyu gare ta: ɗa-ya, bi-yu, u-ku, hu-ɗu, bi-yar, shi-da, ba-kwai, ta-kwas, ta-ra, go-ma. Wannan ya sa suna da daɗin rerawa, amma akwai tarko a ciki. Yaran da suka saba da tafin gaɗa sukan bi gaɓoɓin kalma, sai su tafa sau biyu a kan kowace lamba, ta yadda idan an kai biyar sun riga sun yi tafi 10. Yaron da ya saba da haka, ranar da aka ba shi abubuwa ya ƙirga, zai taɓa ɗaya yana cewa "ɗa", ya taɓa na biyu yana cewa "ya".

Maganin wannan shi ne a fara da motsi mai girma wanda ba ya yiwuwa da sauri, kuma babu wanda ya fi kwaikwayon daka, domin yaranmu sun san shi tun suna goye. Kowane yaro ya buɗe tafin hannun hagu ya zama turmi, ya dunƙule na dama ya zama taɓarya. Malama ce mai bayarwa, yara su yi amshi:

Malama: Taɓarya ta tashi sama,
Yara: Ta sauka, ɗaya!
Malama: Taɓarya ta koma sama,
Yara: Ta sauka, biyu!

Ana ɗaga hannu a lokacin da malama take bayarwa, ana sauke shi sau ɗaya tak daidai lokacin da aka ambaci lambar. Haka za a ci gaba har zuwa biyar, sannan a rufe da tambaya:

Malama: Sau nawa muka daka?
Yara: Sau biyar muka daka!

Kada a raina wannan baitin na ƙarshe, domin shi ne yake koya wa yaro cewa lambar ƙarshe tana faɗin jimla. Idan yara sun saba, malama ta riƙa tsayawa a inda ba su zata ba, yau a uku, gobe a huɗu, ta yi tambayar nan. Wanda ya amsa da "biyar" alhali an tsaya a uku, amshi yake bi, bai bi ƙirgan ba.

Daga shida zuwa goma

A nan ne yatsu suke shigowa. Yaro ya buɗe hannu ɗaya duka, ya bar shi a buɗe, domin ya ga cewa shida biyar ce da ƙarin ɗaya, bakwai kuma biyar ce da ƙarin biyu. A yi amfani da waƙar 'yan tsaki, ana ɗaga yatsa ɗaya na ɗaya hannun a kowane baiti:

Malama: Tsaki biyar suna akurki, ga wani ya shigo,
Yara: Sun zama shida!
Malama: Tsaki shida suna akurki, ga wani ya shigo,
Yara: Sun zama bakwai!

Bayan kwana biyu ko uku a fita tsakar gida ko filin makaranta, a zana da'ira a ƙasa a ce ita ce akurkin, yara su zama 'yan tsakin, a kowane baiti ɗaya ya yi tsalle ya shiga. Yara sukan rikita bakwai da takwas saboda sautinsu ya yi kama, kamar yadda wasu suke rikita biyu da biyar. Idan malama ta ji haka, ta ja waɗannan baitocin a hankali, ta bar yaran su kalli bakinta.

Daga goma sha ɗaya zuwa ashirin

Wannan sashe ya fi bukatar haƙuri, ko da yake harshen Hausa ya rage mana wahala. Kalmar "goma sha uku" da kanta tana faɗin abin da ke cikinta, wato goma da ƙarin uku. Sai dai manya sun saba da gajarta ta su ce "sha uku", kuma idan aka fara koya wa yaro da gajeren, goman takan ɓace masa. Saboda haka a cikin waƙa a riƙa faɗin sunan cikakke, har sai yaro ya fahimci inda goman take.

Matsala ta biyu ita ce yatsun hannu sun ƙare. Wasu sukan ce a koma ga yatsun ƙafa, amma a ganina hakan ba ya biyan bukata, domin yaro ba ya iya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi shi ne a haɗa yara biyu-biyu. Na farko shi ne mai riƙe goma: zai ɗaga hannuwansa biyu a buɗe, ba zai sauke ba. Na biyu shi ne mai ƙari: zai fara da hannuwa a dunƙule, yana buɗe yatsa ɗaya a kowane baiti.

Mai riƙe goma: Ga goma a hannuna,
Mai ƙari: Ga ɗaya a nawa,
Duka: Goma sha ɗaya!
Mai riƙe goma: Ga goma a hannuna,
Mai ƙari: Ga biyu a nawa,
Duka: Goma sha biyu!

A makon farko a tsaya a goma sha biyar, kuma a riƙa sauya matsayi domin kowa ya ɗanɗani riƙon goma. Tun da "goma sha ɗaya" gaɓa biyar ce, ba a yarda a yi mata tafi a wannan mataki. Idan ana son ƙarin motsi, yaran biyu su yi taku ɗaya gaba a kan kowace lamba.

Idan aka wuce goma sha tara, kusan kullum akan sami yaron da zai ce "goma sha goma". Kada a tsawata masa, domin ya bi tsarin da aka koya masa daidai, kuma hakan alama ce ta cewa ya gane. Kalmar ashirin an aro ta ne daga Larabci, shi ya sa babu goma ko biyu a cikinta da za su taimaki kunnen yaro. Sai a ba ta baitinta na musamman, yaran biyu su haɗa tafukansu wuri ɗaya:

Mai riƙe goma: Ga goma a hannuna,
Mai ƙari: Ga goma a nawa,
Duka: Goma da goma, ashirin ta cika!

Haka kuma a kasuwa yaro zai iya jin manya suna cewa "ashirin ba ɗaya" a maimakon 19, ko "ashirin ba biyu" a maimakon 18. Wannan Hausa ce ingantacciya, amma ragewa ce, don haka a ajiye ta sai yaro ya ƙware a ƙirga gaba.

Yadda ake gane ko waƙar ta yi aiki

Mu ɗauka akwai aji mai yara 24, an yi mako uku ana waƙar 'yan tsaki na kimanin minti 10 kowace safiya, kuma duk ajin yana amshi da ƙarfi. Ƙarfin amshi ba shaida ba ne, domin yara biyar masu murya suna iya ɗauke ajin duka. Malama ta kira wata yarinya gefe, ta jera mata murafun kwalba 7, ta ce: "'Yata, ƙirga mini waɗannan." Yarinyar ta taɓa na farko da na biyu daidai, daga nan yatsanta ya zame a kan sauran, bakinta kuma ya kai tara. Bakinta ya riga hannunta ke nan, sai a mayar da ita ga waƙar daka, amma a wannan karon, a maimakon dukan tafin hannu, ta ɗauki murfi ɗaya ta jefa a kwano a kan kowace lamba. Ƙarar faɗuwar murfin takan tilasta mata jira.

Bayan mako ɗaya ta ƙirga bakwai daidai. Malama ta tambaye ta: "To, nawa ne?" Sai ta sake farawa daga ɗaya. Wannan ya nuna cewa hannunta ya daidaita, amma ba ta riƙe cewa lambar ƙarshe ita ce amsa ba, don haka baitin "sau nawa" ne za a yawaita mata. Gwaji na ƙarshe shi ne a zuba murafu 20 a ce ta miƙo 6. Idan ta ƙirga ta tsaya a shida ta miƙo, ta shirya shiga waƙar mai riƙe goma. Idan ta kwaso da hannu ko ta wuce ba ta tsaya ba, da sauranta.

Game da kayan ƙirga, a guji wake, gyaɗa da ƙananan tsakuwa, domin ƙananan yara sukan cusa su a hanci ko kunne, ko su haɗiye. Ƙwallon goruba, ƙwallon mangwaro da aka wanke ya bushe, da guntayen kara masu tsawon tafin hannu sun fi dacewa, murafun kwalba kuma a zaɓi na roba, a yi amfani da su a gaban babba. Kara yana da wata fa'ida: ana iya ɗaure guda 10 da zare su zama dami, sai damin ya maye gurbin mai riƙe goma idan uwa tana koyar da ɗa ɗaya a gida.

Aikin gwaji

Kowane ɗalibi mai koyon koyarwa ya zo aji na gaba da guntayen kara 20 da zare. Ya ɗaure dami ɗaya, ya nuna 13 da 17 da 20 yana rera baitinsu. Sannan ya gwada yaro ɗaya a gida da abubuwa 7, ya rubuta a littafinsa lambar da yaron ya faɗa, da abin da ya yi lokacin da aka tambaye shi "nawa ne?"