Inda Riba Ke Zurarewa a Cinikin Motar Hannu a Legas

Yawancin masu sayen motar hannu da araha su gyara su sayar, abu biyu kawai suke lissafawa: kuɗin saye da abin da bakanike ya faɗa da baki. Sauran sai su ɗauka riba ce. Ga misali da farashin da aka ƙaddara, domin kasuwa tana motsi kullum.

An sayi Corolla ta 2008 a Agege kan ₦4,200,000, bakanike ya ce ₦400,000 za ta tashe ta, ana sa ran sayarwa ₦5,600,000. A ido, ribar miliyan ɗaya ke nan.

Matsala ta fara ne daga gyara. Bakanike ya yi kiyasi yana tsaye, mota ba ta yi zafi ba, ba a shiga ƙarƙashinta ba. Da aka ɗaga ta sai aka tarar an cire katalis ɗin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, wanda makanikai ke kira indomi, an maye gurbinsa da bututu. Alamarsa ƙarar salansa mai kaushi, warin hayaƙi, da sabon walda a ƙasa. Kuɗin katalis a kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo ya ci ₦200,000. Fenti ₦250,000, kayan ƙafa ₦180,000, kwamfiresan sanyi ₦120,000. Gyara ya koma ₦750,000. Maganin wannan shi ne a tafi da bakanike na kai, ba wanda dillali ya kawo ba, a sa kwamfuta, a tuƙa motar har ta yi zafi, a shiga cunkoso a ga yadda giya ke canzawa. A kuma ɗaga kafet ɗin ƙasa. Legas garin ambaliya ne. Idan aka ga busasshen taɓo ko tsatsa a ƙusoshin kujera, ruwa ya taɓa cinye motar, kuma lalurar wayoyin lantarkinta ba ta ƙarewa. Irin wannan a bar ta ko nawa aka sa mata.

Sai la'ada, inda aka fi tafka kuskure. Mutane suna lissafa ta sau ɗaya, alhali sau biyu ake biya. Wanda ya nuna motar ya karɓi ₦100,000. Wanda ya kawo mai saye ya nemi kashi biyar cikin ɗari, wato ₦280,000, kuma daga kuɗin sayarwa ake cire ta, ba daga riba ba. Sau da yawa ma ba dillali ɗaya ba ne: wannan ya kira wancan, wancan ya kira wani, ranar biya mutum uku su tsaya. Tun kafin a miƙa makulli a ce wa dillali, "Malam, la'adarka nawa, wa zai biya, kuma ku nawa ne?" A rubuta amsar a gaban shaida. A kuma hana shi ɗora nasa a kan farashi a ɓoye, domin ɗorin shi ke sa mota ta yi wata biyu masu saye suna juyawa.

Takardu kuwa suna cin kuɗi ta hanya biyu. Akwai na sabuntawa: lasisin mota, shaidar lafiyar mota wadda a Legas sai an kai ta wurin gwajin kwamfuta, inshora mafi ƙaranci da ta koma ₦15,000 tun Janairun 2023, da canjin suna mai buƙatar yarjejeniyar ciniki da rantsuwar kotu. A misalinmu a ware musu ₦120,000. Ɗaya hanyar ta fi haɗari: takardar kwastan ta bogi ko wadda lambar shasinta ba ta dace da ta jikin mota ba. A karanta lambar harafi bayan harafi, guda goma sha bakwai ne, a gwada ta gilashin gaba da ta jikin ƙofa da ta takarda. Sunan da ke takarda ya zama na mai sayarwa, ko ya kawo shaidar yadda ta zo hannunsa. Motar da arharta ta fito daga matsalar takarda tana iya ƙarewa a hannun kwastan ko 'yan sanda, uwar kuɗi ma ta tafi.

Janwe, mai, wanki da kuɗin ajiya a fili sun ci ₦70,000.

A haɗa duka: ₦5,520,000. Riba ta tsaya a ₦80,000, ba miliyan ba.

Gyaran lissafin shi ne a faro daga ƙarshe. A ɗauki farashin da irin motar take fita da gaske, ba wanda ake yi wa talla ba, a cire la'ada biyu, takardu, ƙananan kashe-kashe da cikakken gyara. A nan saura ₦4,280,000. Mai son ribar ₦400,000 bai kamata ya wuce ₦3,880,000 wajen saye ba. Idan mai mota ya ƙi sallamawa a haka, a nemi wata.