Yadda Ake Rubuta Bidiyon Neman Jari na Ƙungiyar Manoma

Mai kuɗin da aka tura wa bidiyo a waya abu uku yake jira ya ji: nawa ake nema, me za a yi da su, kuma ta yaya za su dawo masa. Wasu bidiyoyin da ƙungiyoyin manoma ke yi a Zariya da kewaye suna cinye minti biyu na farko wajen gaisuwa, da jero sunayen shugabanni, da tarihin kafa ƙungiya. Kafin a zo kan maganar kuɗi mutumin ya riga ya rufe. Gyaran wannan a takarda ake yinsa, tun ba a ɗauko waya ba.

Za mu bi misalin wata ƙungiyar manoman masara a yankin Giwa mai mutum 60 da hekta 90. Ƙungiyar da alƙalumanta duk na misali ne, ku cire su ku sa naku.

Ku fara da takardu

Sakatare da ma'aji su zauna su fito da takardar rajistar ƙungiya, da littafin mambobi, da bayanan asusun banki na aƙalla shekara ɗaya, da rasit ɗin abin da aka saya da wanda aka sayar a bara. Ƙa'idar ita ce, duk adadin da zai fito a allo sai akwai takardar da za a iya nuna wa wanda ya tambaya. In shugaba ya ce ana samun buhu 40 a hekta amma littafi ya nuna 30, to 30 za a rubuta. Mai zuba jari da ya san noma zai raba yawan buhuna da yawan hekta tun yana kallo, kuma in lissafin bai hau ba, sauran maganarku ma ta zube.

Daga nan ku tsayar da buƙata guda ɗaya. Ƙungiya ba ta rasa buƙatu: taki, injin casa, tarakta, sito. In aka zuba su duka a bidiyo ɗaya sai ya koma roƙo. A misalinmu buƙatar ita ce naira miliyan 30, don ƙungiya ta sayi buhu 600 daga hannun mambobinta da kaka, ta adana, ta sayar wajen watan Mayu ko Yuni.

Ku auna tsawon magana

Minti biyu da rabi ya isa. Mai magana da Hausa a natse yana furta kalma biyu ko fiye kaɗan a daƙiƙa, ke nan duk maganar bidiyon wajen kalma 300 ce. Ku ja layi ku raba takarda gida uku: abin da ido zai gani, abin da za a faɗa, da abin da za a rubuta a allo. Bayan an rubuta, wani ya karanta da ƙarfi, wani ya riƙe agogo. In ya zarce, a rage kalmomi, kada a ce wa mai magana ya yi sauri.

Jerin fitowa

Fitowa ta 1, daƙiƙa 12. Ana loda buhunan masara a mota a bakin gona, manomi na ƙirga kuɗi. Murya: "Da kaka muke sayar da masararmu, lokacin da ta fi araha, saboda bashin taki na jiranmu. Bayan wata shida wani ne ke cin ribar." A allo: *Giwa, Jihar Kaduna. Lokacin kaka.*

Ba sallama mai tsawo a nan, ba tambarin ƙungiya yana juyawa. Mutane da yawa ba sa son wannan, suna ganin rashin ladabi ne a fara magana ba gaisuwa. Gaisuwar tana nan, amma a saƙon da za ku tura tare da bidiyon.

Fitowa ta 2, daƙiƙa 18. Shugaba a tsaye, mambobi a bayansa, sannan a nuna takardar rajista kusa-kusa. Ya yi sallama a taƙaice, ya faɗi sunan ƙungiya, da shekarar rajista, da abin da ake nomawa. A allo: *Mambobi 60. Hekta 90. Buhu 2,700 a bara.*

Fitowa ta 3, daƙiƙa 25. Wannan ita ce shaida, kuma ma'aji ne ya kamata ya yi ta, littafi a buɗe a gabansa. Murya: "Bara mun gwada da kuɗinmu. Mun adana buhu 200, mun sayar da 197, uku laima ta ɓata su. Bayan mun cire kuɗin sito da gadi da mota, ga abin da ya rage." Kyamara ta sauka kan shafin, yatsansa a kan adadin. A allo: *An adana 200. An sayar 197. Asara 3.*

Kada a ɓoye buhu ukun nan. Wanda ya taɓa ajiyar hatsi ya san ba a yinta ba asara, saboda haka in ya ji an ce ko ƙwaya ba ta lalace ba, zai ɗauka ko ba a rubutu ko ana rufe wani abu. In ƙungiyarku ba ta taɓa gwada abin da take neman kuɗi a kansa ba, gara ta jinkirta bidiyon, ta gwada ko da buhu 50 ne, ta rubuta sakamakon.

Fitowa ta 4, daƙiƙa 30. Cikin sito: katakon da ake ɗora buhuna don kada su taɓa ƙasa, rufin da ke bukatar gyara, da buhun PICS mai hana iska shiga, ana ɗaure ledojinsa biyu na ciki ɗaya bayan ɗaya. Murya ta faɗi jimillar kuɗin sau ɗaya, a fili. A allo layukan su riƙa fitowa ɗaya-ɗaya: *Muna neman ₦30,000,000.* Sai *Masara buhu 600: ₦24,000,000.* Sai *Gyaran sito, katako, buhuna: ₦4,000,000.* Sai *Mota da gadi: ₦2,000,000.* A duba sau biyu cewa sun haɗu sun ba da jimillar, kuma farashin buhu da aka yi lissafi da shi, wato ₦40,000 a nan, a sauya shi da na kasuwar makon da za a ɗauki bidiyon.

Fitowa ta 5, daƙiƙa 25. Yadda kuɗi zai dawo. A nan ne aka fi yin kuskure mai tsada, wato alƙawarin riba tsayayya, irin su "kashi 30 cikin wata shida". Farashin masara ba a hannunku yake ba, akwai shekarun da aka adana kuma bai tashi ba. Sannan masu kuɗi da yawa a nan ba za su taɓa yarjejeniyar da ke da kamar riba ta ruwa ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a faɗi rabon riba. A tsarin mudaraba, mai jari da masu aiki suna raba riba bisa kason da suka amince, in kuma asara ta zo ba da sakaci ko ha'inci ba, tana hawa kan jarin, masu aiki su tashi da asarar wahalarsu. Ku faɗi haka ƙarara. A allo: *Rabon riba: mai jari 60, ƙungiya 40. Wa'adi: wata 8.* In kuna da mai saye da kuka saba da shi, kamar masu haɗa abincin kaji, ku nuna rasit ɗinsa na bara bayan kun nemi izininsa.

Fitowa ta 6, daƙiƙa 20. Haɗari da maganinsa: ƙwari, laima, sata, faɗuwar farashi. A nuna ana auna laimar masara kafin a zuba a buhu, domin sai ta sauka wajen kashi 13 cikin ɗari take ajiyuwa lafiya. A allo: *Laima: 13%. Sa hannu uku kafin a fitar da kuɗi.* Layin nan na biyu sai in da gaske haka asusunku yake.

Fitowa ta 7, daƙiƙa 20. Shugaba ya kalli kyamara ya gayyaci mai kallo ya zo ya ga sito da littattafai da idonsa. A allo lambar wayar ƙungiya guda ɗaya, ta tsaya har ƙarshe. Ba a sa lambar asusu a bidiyo, balle ta wani mutum shi kaɗai. Hakan kama yake da damfara, kuma 'yan damfara na iya ɗaukar bidiyonku su liƙa tasu.

Rubutun allo

Mutane da yawa suna kallo ba sauti, don haka wanda ya karanta allon kaɗai ya kamata ya fahimci buƙatar. Layi kada ya wuce kalma shida ko bakwai, kuma ya tsaya har a iya karanta shi sau biyu. Farin rubutu a kan hoton masara ko farin bango ɓacewa yake yi, sai an sa masa baƙin zane a ƙasa. Haruffan ɓ, ɗ da ƙ kuma ba kowane salon rubutu ke ɗauke da su ba, wani sai ya mayar da su akwati. Ku tura bidiyon zuwa wata ƙaramar waya ta WhatsApp ku duba, tunda manhajar tana matse bidiyo, ƙananan haruffa su dushe. In za a tura wa masu jari a Legas ko Abuja, a yi kwafi na biyu mai fassarar Turanci a ƙasa, kada a cusa harshe biyu a allo ɗaya.

Ɗaukar hoto

Lokacin ɗauka ya bi kalandar gona. Koren gona sai Agusta ko Satumba, loda buhuna kuwa sai Oktoba zuwa Nuwamba, don haka fitowa ta farko ana tanadinta tun kafin a rubuta sauran. A ɗauka da safe ko bayan la'asar, wayar a kwance, a kan abin da ba ya rawa. Iskar hunturu tana cinye murya a fili, saboda haka a maƙala wa mai magana ƙaramin makirifo a wuyan riga, ko a ɗauki muryar daban a cikin ɗaki a ɗora ta kan hoton. Duk wanda fuskarsa za ta fito a nemi yardarsa, musamman mata mambobi, kuma a rufe lambobin asusu da na waya da ke jikin takardun da aka nuna. Kada hoto ko rubutu ya nuna ainihin unguwar da sito yake.

Akwai kuma iyakar wanda za a tura wa. Nuna bidiyon ga mutanen da kuka sani ko kamfanin da kuke tattaunawa da shi daban yake da sakinsa a Facebook ana kiran kowa ya zuba kuɗi. Hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta Najeriya ta fitar da ƙa'idojin tara jari daga jama'a ta intanet a 2021, kuma irin wannan kira yana bi ne ta dandalin da ta yi wa rajista. Kafin ku saki bidiyon a fili, ku kai rubutun fitowa ta 5 da ta 7 ga lauya da jami'in ƙungiyoyin gama kai na ƙaramar hukumarku su duba.