Yadda pivot ya daina ba ni Count kawai

Oga ya ce in nuna masa inda tikitocin helpdesk ke daɗewa mako-mako, na fitar da CSV na zuba a Excel, na yi pivot, sai ya riƙa ba ni Count kawai, da na matsa masa Average sai #DIV/0! ya cika ko'ina. Na yi zaton filter ne ya ɓoye layuka, na cire, babu canji. Refresh ma a banza.

Ashe kwanakin da ke kolum C, wato Opened, da kolum D, wato Closed, duk rubutu ne ba kwanan wata ba. Alamar ita ce sun jingina hagu a cikin sel, kuma in ka buɗe filter ba ya tara su shekara da wata, jera su kawai yake. Na zaɓi kolum ɗin, Data > Text to Columns, Next sau biyu, na zaɓi Date: DMY, Finish. Haka na yi wa ɗayan ma.

Sai na ƙara kolum biyu, awannin da tikiti ya ci da lambar mako:

```
=IF(D2="","",(D2-C2)*24)
=ISOWEEKNUM(C2)
```

Pivot ɗin kuma Category a Rows, mako a Columns, awanni a Values, Value Field Settings na mayar da shi Average, na sa Status a Filters na bar Closed kaɗai.

Nan take abin ya fito fili, sake password yana nan wajen awa 2, amma firinta ta tashi daga awa 6 zuwa 19 cikin mako uku. Sai dai a kula, tikitin da ba a rufe ba ba ya shiga wannan lissafi, kuma galibi su ne mafi muni, don haka na yi pivot na biyu ina ƙirga Open kawai. Alhamdulillah, na gode wa abokin aikina da ya hango jinginar hagun nan.