Yadda ake ƙirga zagaye a filin gudu mai mita 400, har da ragowar mitoci

Idan koci ya ce maka yau kilomita biyar za ka yi, lissafin a takarda ba wuya: 5,000 a raba da 400, zagaye goma sha biyu da rabi. Matsalar tana cikin rabin nan. A ina za ka fara, a ina za ka tsaya, kuma idan ka gitta zanen ƙarshe karon farko, ɗaya za ka ce ko shiru za ka yi? Na sha ganin matasa sun gama suna murnar sun karya lokacinsu da minti biyu, a duba a tarar zagaye guda suka tsallake. Ga yadda nake yi, kuma shi nake koya wa duk wanda ya tambaye ni.

Da farko ka san filin da ƙafarka. Mita 400 ɗin da ake faɗa na layi na ɗaya ne kawai, wanda ke can ciki, kuma ana auna shi ne santimita 30 daga bakin dakalin ciki. A filin da aka gina bisa ƙa'idar duniya, kowane miƙaƙƙen gefe mita 84.39 ne, kowace kwana kuma mita 115.61. Wato miƙaƙƙe bai kai ɗari ba, kwana ta fi ɗari, sai an haɗa su biyun ake samun 200 cif. Ana gudu ne hannun hagu yana ciki, saɓanin juyin agogo. Zanen ƙarshe, wanda duk tsere ke ƙarewa a kansa, yana ƙarshen miƙaƙƙen da ke gaban babbar rumfar 'yan kallo. Daga nan ka taka a hankali zagaye guda kana duba ƙasa, ka nemo wurare uku. Kafin kwanar farko ta ƙare da kamar mita 15 za ka ga wani lanƙwasasshen zane ya ratsa layuka, nan ake tashin tseren 1,500, kuma mita 100 ke nan daga zanen ƙarshe. A ƙarshen miƙaƙƙen baya akwai wurin tashin 200 na layi na ɗaya, wanda shi ne rabin fili daidai, nan ma ake tashin 3,000 da 5,000. Na uku shi ne mita 300, yana cikin kwana ta biyu, shi ma saura kamar mita 15 ta ƙare. Wanda ya riƙe waɗannan ukun ya raba filin gida huɗu.

Sai lissafi. Mayar da nisan zuwa mita, ka raba da 400, ka riƙe abu biyu: cikakkun zagaye da ragowa. Kada ka amince da abin da kalkuletar waya ta nuna bayan ɗigo. Idan ta ce 12.5, biyar ɗin nan ba mita 50 ba ne, rabin zagaye ne, mita 200. Hanya mafi aminci ita ce ka ninka cikakkun zagayen da 400 ka cire daga nisan. Kilomita bakwai: 17 sau 400 ya ba da 6,800, saura 200. Kilomita 2.4 zagaye shida ne ba ragowa, kilomita goma kuma 25.

Yanzu abin da ya fi komai muhimmanci a wurina: ragowar ake fara yi, ba ita ake bari ƙarshe ba. Haka ake yi a tsere na gaskiya, shi ya sa masu 5,000 ke tashi a ɗaya ɓangaren fili, su yi 200 tukuna, sannan zagaye 12 su ƙare a zanen ƙarshe. Dalilin a bayyane yake. Kafin ka fara, kanka a natse yake, kana iya tsayawa ka nemi wurin tashi da kyau. Bayan zagaye goma sha, numfashi ya ɗauke, gumi na shiga ido, ba lokacin neman wani ɗan zane a cikin kwana ba ne. Idan ka gama da ragowar tun farko, abin da ya rage maka zane ɗaya ne, babba, wanda ba ya ɓacewa.

To yaya ake samun wurin tashi? Ragowar ita ce nisan da ke tsakaninka da zanen ƙarshe. Idan kaɗan ce, koma baya daga zanen gwargwadonta. Idan mai yawa ce, cire ta daga 400, ka yi gaba daga zanen gwargwadon abin da ya fito. Ragowar 300, misali, ka yi gaba mita 100, ga ka a zanen 1,500. Ragowar 100, ka koma baya har cikin kwana ta biyu.

Mu ɗauki nisan da bai faɗa kan ko ɗaya cikin alamomin nan ba. A ce jadawalinka ya ce mita 4,750. Sha ɗaya sau 400 shi ne 4,400, ragowa 350. Cire 350 daga 400, saura 50, don haka wurin tashinka yana mita 50 gaba da zanen ƙarshe, a cikin kwanar farko. Babu zanen tashi a wurin, amma akwai abin da zai taimake ka. A gefen kowane layi akwai ƙananan alamomi, galibi koraye, inda ake dasa shingayen tseren tsallake na mita 400. Ta farko tana mita 45 daga wurin tashi, sauran kuma kowace tana mita 35 bayan 'yar'uwarta: 80, 115, 150, haka har 360, wadda ke nesa da zanen ƙarshe da mita 40. A layi na ɗaya wurin tashin 400 shi ne zanen ƙarshen kansa, saboda haka ka je alamar farko, ka ƙara mita biyar, ka aje takalmi ko robar ruwa a kan ciyawar gefe. Daga nan za ka tashi, ka zagayo mita 350 zuwa zanen, sannan zagaye 11 ke jiranka.

Idan fentin ya goge, kamar yadda yake a filaye da dama da rana ta ci, ka auna da takunka. Taka mita 100 daga zanen tashin tseren ɗari zuwa zanen ƙarshe, tafiya irin ta yau da kullum, kana ƙirgawa. A ce ka sami taku 130. Kowace mita goma taku 13 ke nan a wurinka, mita 50 kuma taku 65. Wannan awon yana da amfani musamman ga wanda jadawalinsa da mil aka rubuta shi. Mil ɗaya mita 1,609 ne da ɗan ɗoriya, zagaye huɗu da mita tara, shi ya sa a wasu filaye za ka ga wani zane kaɗan kafin zanen ƙarshe. Mil uku mita 4,828, wato zagaye 12 da ragowar 28: ka koma baya taku 36 daga zanen, ka tashi. Wanda ya ɗauki zagaye huɗu a matsayin mil, a mil biyar ya bar mita 47 a baya.

Ƙirgar kanta ita ce inda aka fi zamewa. Dokata ɗaya ce: gittawar farko bayan ragowa ba zagaye ba ce. Hanyar da ta fi kare mutum daga wannan kuskure ita ce ƙirga saura maimakon ƙirga abin da aka yi. A 4,750 ɗin nan, da ka iso zanen karon farko ka ce a ranka “saura sha ɗaya”, na biye “saura goma”, har ka kai “saura ɗaya”, wanda a tsere shi ne lokacin da ake kaɗa ƙararrawa. Allon da alƙalai ke riƙewa a bakin zane ma saura yake nunawa. Mai ƙirga sama yakan rikice ne tsakanin “na gama bakwai” da “ina cikin na bakwai”, kuma wannan ruɗanin kan zo daidai lokacin da gajiya ta fara.

Kai kaɗai ba abin dogaro ba ne bayan zagaye takwas ko tara, ka ba hannu aikin. Wasu suna zuba tsakuwa 11 a tafin hagu, kowane zagaye su jefa ɗaya cikin ciyawa, tafi ya zama wayam an gama. Wasu robobin ɗaure kuɗi suke sawa a wuyan hannu suna mayarwa ɗayan. Ni dai na fi son ƙaramar kaunta irin wadda ake sawa a yatsa don tasbihi, ba ta da nauyi, ba ta faɗuwa. Sai dai ita sama take ƙirgawa, don haka kada ka danna a gittawar farko; idan kuwa kana tsoron hannu zai danna da kansa, ka bar shi ya danna kowace gittawa, amma ka sa a ranka lambar tsayawa 12 ce, ba 11 ba. Zaɓi ɗaya tun kafin ka tashi, kada ka sauya a tsakiya.

Agogo shi ne shaidarka. Idan ka san kana yin zagaye a minti biyu, mita 4,750 za su ci minti 23 da daƙiƙa 45. Ka gama ka ga 21 da 45, to zagaye ne ya ɓata, babu wanda ke rage minti biyu cur a dare ɗaya. Ko a tsakiyar gudu, idan shakka ta kama ka, duba lokacin ka raba da biyu, zai gaya maka inda kake. Agogon tauraron ɗan'adam kuwa, mai auna nisa, a kwana yakan yi ƙari ko ragi, in ya saɓa da fili, fili za ka bi.

Saura maganar layi. Sau da yawa masu kula da fili suna hana atisaye a layi na ɗaya don kada ya riga sauran cinyewa, ko kuma masu gudun sauri sun riƙe shi. Faɗin kowane layi mita 1.22 ne, kuma wannan faɗin yana ƙara tsawon kwana. Zagaye a layi na biyu mita 407 ne, na uku kusan 415, na huɗu 422 da ɗan ɗoriya, na takwas 453. Idan aka tura ka layi na huɗu ka yi zagaye 12 da rabi, ka yi kusan mita 5,280, ƙarin 280 da ba a sa ka ba. Gyaran shi ne ka raba da tsawon layinka: a na huɗu zagaye 12 sun ba da 5,068, sun wuce 5,000 da mita 68. Sai ka tashi mita 68 gaba da zanen ƙarshe, ka zagayo, saura 11. Ka auna 68 ɗin da taku a cikin layin naka, domin alamomin shinge na layukan waje ana lissafa su ne daga nasu wurin tashin, wanda aka gusar gaba.

Filin makaranta da aka zana da farar ƙasa a gefen filin ƙwallo, shi kam kada ka ɗauka 400 ne don an ce 400 ne. Ka ari tef ɗin magina ka auna layin ciki sau ɗaya, ka rubuta abin da ya fito, 380 ne ko 412, da shi za ka riƙa rabawa har ranar da aka sake zana filin.