Yadda na gano fayil ɗin Ubuntu ne ya lalace, ba filashin ba

Sau uku ina rubuta fayil ɗin ISO na Ubuntu a filashi, sau uku girkawar tana tsayawa a tsakiya. Na zargi filashin, na je Taminus nan Jos na sayo sabo. Bai canza zani ba.

Ashe lokacin da nake sauke fayil ɗin an ɗauke wuta, intanet ya yanke, ya ci gaba daga baya. Girmansa ya yi daidai a ido, shi ya ruɗe ni.

Na koma inda na sauke shi, na ɗauko ƙaramin fayil mai suna SHA256SUMS, na ajiye shi a folda ɗaya da fayil ɗin ISO, na buga:

```
sha256sum -c SHA256SUMS --ignore-missing
```

Sai ya rubuta FAILED. Wannan umarni yana yin lissafi, ya fitar da haruffa da lambobi 64 daga abin da ke cikin fayil, ya kwatanta su da waɗanda ke rubuce a SHA256SUMS; ko bit ɗaya ya sauya, sakamakon zai bambanta gaba ɗaya. Na goge, na sake saukewa da dare, na maimaita umarnin, ya ce OK. Sannan na rubuta a tsohon filashin nan, girkawa ta kammala lafiya. Alhamdulillahi.