Yadda koci zai auna nauyin atisaye kafin ya karya ɗan wasa

Ba ka buƙatar na'ura mai tsada. Littafi da biro sun isa, ko da a filin Murtala Square kuke motsa jiki.

Bayan kowane atisaye, ka bari kamar minti 30 ya wuce, sannan ka tambayi kowane ɗan wasa yadda ya ji wahalar ranar, daga 0 zuwa 10. Ka ja shi gefe, don a gaban abokai kowa jarumi ne. Sai ka ninka lambarsa da mintunan da ya yi. Wanda ya yi minti 90 ya ce 6, nauyinsa na ranar 540 ke nan. Ranar wasa ma haka, da ƙwallon unguwa da ya buga a ɓoye.

Ka tara na kwana bakwai, shi ne nauyin wannan mako. Ka raba shi da matsakaicin nauyin makonni huɗu na ƙarshe, wato abin da jikinsa ya saba ɗauka. Sakamakon shi ake kira ACWR, ma'aunin nauyin wannan mako a kan wanda jiki ya saba. Tim Gabbett, masanin kimiyyar wasanni da ya yayata hanyar a 2016, ya nuna cewa tsakanin 0.8 da 1.3 ya fi kwanciyar hankali, kuma daga 1.5 haɗarin rauni yana ƙaruwa.

Ga misali. Ɗan bayanka ya yi 2,400 a makon farko, 2,400 a na biyu, ya tafi gida Sallah ya yi 600 kacal. Ya dawo, gasa ta matso, ka ɗora masa 3,000. Jimla 8,400, matsakaici 2,100, sakamako 1.43. Sai ka ce ai bai kai 1.5 ba. A nan lissafin yake yaudara: makon mai nauyi yana cikin matsakaicin, shi ya ɗaga shi. Cire shi ka duba makonni ukun baya kaɗai, matsakaici 1,800, sakamako kusan 1.67.

Shi ya sa ni na fi son a yi lissafin ranar da ake tsara mako, tun kafin a taka fili. Ninka 1,800 da 1.3, ka samu 2,340. Iyakar yaron nan ke nan a wannan mako. In zai buga wasan Asabar, minti 90 a wahala 8, an ci 720, saura 1,620 ka raba a sauran ranaku. Ka rage masa gudun tsere da farko.

Kowa da shafinsa. Matsakaicin ƙungiya yana ɓoye mai zaman benci da wanda ya tashi daga jinya, su kuwa suka fi shiga haɗari.

Masana da yawa sun soki lambar ACWR, don ba ta iya faɗin wanda zai ji rauni. Ba ta san zafin Afrilu a Kaduna ba, ba ta san azumi ko tsohon ciwon cinya ba. In yaro ya ce bayan cinyarsa na ja, ko lambarsa 1.0 ce, ka zaunar da shi a duba.