Kurakuran wanki da ke koɗar da atamfa, su sandarar da tawul

Yawancinmu omo ɗaya muke saya, da shi za a wanke farar shadda, da shi za a wanke baƙar abaya da tawul ɗin yara. Daga nan matsalar take farawa, domin yawancin garin omo an haɗa shi ne don farin kaya. Wasu suna ɗauke da sinadarin bilic mai aiki a hankali, kusan duka kuma suna da wani sinadari da ke manne wa zare yana sa fari ya riƙa ɗaukar ido a rana. A jikin farar riga abin so ne. A jikin baƙin yadi ko atamfa mai duhu kuwa, sai ka ga kamar an barbaɗa mata toka, alhali rininta bai gama fita ba. Gyaran shi ne a ware wa kaya masu launi sabulun ruwa, wanda galibi ba a sa masa bilic. Idan omo ne kawai a gida, a narkar da shi sarai a ruwa kafin a tsoma kaya. Masu barbaɗa shi kai tsaye kan jiƙaƙƙen zane su ne ke samun ɗigo-ɗigon fari da ba ya gyaruwa.

Sai zafin ruwa. Zaren auduga yana kumbura a ruwan zafi, rinin da bai kama sosai ba ya samu hanyar fita, bilic ɗin da ke cikin omo kuma ya fi cin launi daga digiri 40 zuwa sama. Don haka kaya masu launi kada su wuce digiri 30, wato ruwan da hannu ba ya jin ɗuminsa. A lura da ruwan tankin da ke kan rufi: a watan Afrilu da tsakar rana, ruwan zafi ne ko ba a dafa shi ba. Jiƙa atamfa ta kwana a baho ma ɓarna ce, minti 15 ya isa. Gishirin da ake zubawa wai don ya kama launi ban ga amfaninsa ba. A wajen rini yake aiki, ba bayan an ɗinka kaya ba. Abin da ya fi shi shi ne a wanke sabon zane shi kaɗai har ya daina zuba, a juya cikinsa waje, a shanya a inuwa.

Tawul kuwa akasin haka yake so. Yana kwasar maiƙon jiki da na man shafawa, kuma maiƙo ba ya fita da kyau a ruwan sanyi. Farin tawul na auduga yana ɗaukar digiri 60 lafiya lau.

Amma babban abin da ke kashe tawul shi ne ruwan tausasa kaya, wannan mai ƙamshi da ake zubawa a ɗaurayar ƙarshe. Ba ya wanke komai. Wani siririn maiƙo yake shimfiɗa wa zare don hannu ya ji santsi, kuma wanki bayan wanki yana taruwa har tawul ya rage shan ruwa. Sai uwar gida ta ga tawul ya canza, ta ƙara omo, omon bai fita duka a ɗauraya ba, ya bushe a cikin zare ya ƙara masa tauri. Idan ruwan rijiya ne ko na burtsatse irin wanda ba ya kumfa da wuri, abin ya fi muni, musamman da sabulun sanda, don yana haɗuwa da sinadaran cikin ruwan ya bar wata dauɗa a jikin kaya.

Gane shi ba wuya. A zuba cokali ɗaya na ruwa kan busasshen tawul. Idan ya shanye nan take, lafiya. Idan ruwan ya tsaya ya dunƙule kamar a kan leda, to ya toshe.

Ga yadda ake dawo da shi. A wanke shi a ruwan zafi da rabin omon da aka saba sawa, a ɗauraye har kumfa ya ƙare. Sannan a zuba rabin kofin farin ruwan khal a bokitin ruwan ɗumi, a bar tawul ɗin ciki kamar minti 20, a sake ɗauraya. Warin khal yana tafiya idan ya bushe. Kada a kuskura a haɗa khal da bilic, haɗinsu yana fitar da iska mai guba. Tawul da ya daɗe yana shan ruwan tausasawa kan buƙaci a maimaita masa sau biyu.

Ko bayan wannan, tawul da ya bushe a igiya ba motsi zai ɗan sandare, balle da hunturu. Wannan ba datti ba ne, halin auduga ne. A kaɗe shi da ƙarfi sau uku ko huɗu kafin a shanya, a sake kaɗewa idan an kwaso, kuma kada a yi masa guga, domin guga tana kwantar da gashinsa da ke shan ruwa.